Ina masu kallo suke guduwa? Fashin baƙi kan layin da ke nuna inda aka bar bidiyonka

Wai me yasa bidiyo zai samu kallo dubu biyu, amma YouTube ta ce tsaka-tsakin lokacin da aka kalle shi bai kai minti huɗu ba alhali tsawonsa minti goma ne? Kuma idan ka ga layin nan ya faɗi a minti na biyar, me ake so ka gyara a rubutun bidiyo na gaba? Wannan maganar ta yi yawa a bakin masu yin bidiyo, kowa da fassararsa, wasu su ce ai algoridim ne ya danne su, wasu su ce mutane ne yanzu basu da haƙuri, wasu kuma da zarar sun ga layin ya sauka sai su yanke shawarar daga yau bidiyonsu ba zai wuce minti uku ba. Abin da na gani shine yawanci matsalar daga karatun layin take. Layin yana gaya maka INDA mutane suka tafi, baya gaya maka dalili, dalilin yana cikin rubutunka, kuma sau da yawa yana zuwa ne jim kaɗan kafin wajen da layin ya faɗi, ba daidai kansa ba.

## Lambobi uku da ake haɗawa a ɗauka abu ɗaya ne

Idan ka shiga YouTube Studio ka buɗe Analytics na bidiyo ɗaya zaka ga Watch time, wato jimillar awannin da duk masu kallo suka ɓata a kansa. Zaka ga Average view duration, wato idan aka raba wancan jimillar da yawan kallo, minti nawa ya faɗo wa kowanne. Sai Average percentage viewed, shi kuma wancan mintin ne aka auna shi da tsawon bidiyon.

Me yasa ake damuwa da su haka? Tun shekarar 2012 YouTube ta sanar cewa ta karkata daga ƙirga dannawa kawai zuwa duba lokacin da mutum ya zauna yana kallo wajen zaɓen bidiyon da zata tura wa mutane, saboda a da sai mutum ya saka hoto mai jan ido a danna a fice kuma ya ci riba. Ga kuma maganar kuɗi, ɗaya daga cikin hanyoyin samun kason talla ita ce mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12.

Amma lambobin nan uku duk dunƙule suke. Minti uku da rabi na tsaka-tsaki zai iya nufin kowa ya kalli minti uku da rabi ya tafi, zai kuma iya nufin kashi biyu cikin uku sun gudu tun a farko, sauran suka zauna har ƙarshe. Waɗannan cututtuka biyu ne daban kuma maganinsu ba ɗaya bane, amma lambar ɗaya zata nuna maka. Shi yasa mai rubutu ba lambar yake buƙata ba, layin yake buƙata, wanda ke ƙarƙashin Engagement a wajen da aka rubuta Key moments for audience retention.

Wani abu kuma kafin mu wuce, kaso ba komai bane shi kaɗai. Bidiyon minti 4 da aka kalli kashi 60 ɗinsa ya baka minti 2 da sakan 24 a kowane kallo. Na minti 10 da aka kalli kashi 37 ya baka minti 3 da sakan 42. Wanda yake ta gajarta bidiyo don kawai kason ya yi kyau a ido zai iya wayar gari kaso ya hau, awanni sun sauka.

## Siffar faɗuwar ita ce labarin

Layin yana farawa daga sama a hagu, ya gangara zuwa dama, kuma ko wane bidiyo a duniya nasa gangarawa yake, don haka saukar kanta ba laifi bace. Yadda ya sauka ake dubawa.

Akwai gangara a hankali, mutane na zubewa kaɗan kaɗan, wannan rayuwa ce kawai, wani an kira shi, wani cajinsa ya ƙare. Akwai faɗuwar da layin zai nutse sannan ya sake tasowa bayan wasu sakanni, to wannan ba tafiya mutane suka yi ba, tsallakewa suka yi, sun ja bidiyon gaba saboda wannan yankin ya gundure su amma har yanzu suna son abin da ka yi musu alkawari. Akwai faɗuwar da bata dawowa, layin ya sauka ya zauna a ƙasa, waɗannan sun rufe sun tafi. Sai kuma tudu, inda layin ya hau sama, alamar an koma baya an sake kallon wajen ko kuma an tsallako daga baya an sauka a nan. YouTube da kanta tana yiwa wasu daga ciki alama da sunan Dips da Spikes, tana kuma baka Intro, wato kason da suke nan har bayan sakan 30 na farko. Waɗannan alamomin basa fitowa sai bidiyo ya kai aƙalla sakan 60 kuma ya samu kallo 100, kuma bayanan kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su daidaita, don haka wanda yake leƙawa awa uku bayan ɗorawa wahalar da kansa kawai yake.

Bambancin tsallakewa da tafiya shine abin da mutane suka fi ɓatawa. Tsallakewa na cewa wannan sakin layin ne bai da amfani, cire shi. Tafiya na cewa mutum ya daina ganin dalilin zama, kuma wannan ba a gyara shi da goge jimla ɗaya, sai an taɓa tsarin rubutun gaba ɗaya.

## Mu ɗauki bidiyo ɗaya mu fede shi

Ga misali, lambobin na ƙirƙira ne don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce ka yi bidiyon minti 10 mai taken "Abin da yasa batirin wayarka baya daɗewa". Ya samu kallo 2,000, tsaka-tsakin kallo minti 3 da sakan 42, jimilla kusan awa 123. Layin ya nuna haka: a sakan 30 saura kashi 62. Daga nan ya gangara a hankali zuwa 48 a minti na 3. Daga 3:05 ya nutse zuwa 36 sannan ya taso zuwa 43 a 4:10. A 5:20 ya faɗi daga 40 zuwa 27 bai dawo ba. Akwai ɗan tudu a 7:10. A 9:15 ya faɗi daga 18 zuwa 7.

Matakin farko ba tunani bane, aikin hannu ne. Ka ɗauko rubutun da ka karanta a bidiyon, idan ma ba rubutu ka yi ba da ka kayi magana to ka zauna ka rubuta abin da ka faɗa, sai ka saka lokaci a gefen kowane sakin layi. Sannan ka kunna bidiyon a cikin Studio inda layin ke ƙasa, duk wajen da ya faɗi ka koma baya kamar sakan 10 zuwa 20 ka saurara daga nan. Dalili kuwa mutum baya fita a daidai lokacin da ya gundura, sai ya ɗan jira ko abin zai gyaru, sannan yatsansa ya motsa. Idan ka tsaya kan jimlar da ke daidai ƙasan ramin zaka hukunta wadda bata yi laifi ba.

To a sakan 30 na farko me aka faɗa? A ce gaisuwa ce, sai sunan tasha da ɗan kiɗa na sakan shida, sai "kafin mu fara kada ku manta ku danna Subscribe", sai bayanin cewa yau zamu yi magana kan batiri. Mutum 760 cikin 2,000 sun tafi kafin a faɗi abu ɗaya da basu sani ba. Mai kallo ya riga ya karanta taken, ya san maganar batiri za a yi, abin da yake nema a sakannin nan shine tabbacin cewa bai yi kuskuren dannawa ba. Idan kana magana da saurin kalma 140 a minti, wanda zaka iya ganewa ta raba yawan kalmomin rubutunka da tsawon bidiyon, to sakan 30 kalma 70 ce kacal. Kalma 70 ɗin nan sune mafi tsada a duk rubutun, kuma an kashe su a gaisuwa.

A 3:05 kuma, inda ya nutse ya taso, a ce nan ne ka shiga tarihin yadda aka ƙirƙiro batirin litiyom. Kai a wajenka shine wajen da ka fi shan wahalar bincike, to amma mai kallo ya ja gaba ya sauka inda ka dawo kan wayarsa. Lura da cewa kafin ramin 48 ne, bayansa 43, wato yawancinsu basu tafi ba. Hukuncin mai sauƙi ne, a rubutu na gaba irin wannan bayanin ko dai ya zama jimla biyu ko a ɗaure shi da tambayar mai kallo, misali a faɗi yadda batirin yake aiki daidai lokacin da ake bayyana dalilin da yasa zafi ke lalata shi, ba a ware masa minti guda shi kaɗai ba.

5:20 shine babban ciwon, kuma nan ne nake so a daɗe. Daga 40 zuwa 27 a ido maki 13 ne, amma ka auna shi da waɗanda suke nan a lokacin, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka jure minti biyar suka tashi a lokaci guda. Ka koma baya ka saurara sai ka ji a 5:05 ka ce "to babban dalilin dai shine zafi, sauran ƙananan abubuwa ne". Shikenan ai, da bakinka ka sallame su. Ka basu amsar, ka kuma gaya musu abin da ya rage bai da muhimmanci. Babu laifi a jimlar 5:20, babu laifi a sauti ko hoto, laifin na tsari ne: tambayar da ta riƙe su ta rufe kuma ba a buɗe wata ba.

Wasu da suka gane haka sai su ce to a ɓoye amsar sai ƙarshe. Ni ban yarda da wannan ba, domin layin zai rama ta wata hanyar, zaka ga ramuka a tsakiya da tudu a ƙarshe, mutane na tsallake ka suna neman amsar, kuma gobe idan suka ga bidiyonka sun san halinka. Abin da ya fi shine a bada amsar, amma amsar ta haifi tambaya ta gaba wadda ita ma gaskiya ce. Zafi ne babban dalili, to me yake sa waya zafi a hannun mutum ba tare da ya sani ba? Yanzu caji yayin buga gem, barin waya a rana, hasken allo a ƙure, duk sun zama ci gaban amsar, ba "ƙananan abubuwa" ba. Bayanin bai canza ba, jerin ne da jimlar da ta haɗa su suka canza.

Tudun 7:10 fa? Kada a yi saurin murna. A ce nan ne ka nuna inda ake shiga a saitin waya a ga manhajar da ta fi shan batiri. Zai iya zama an maimaita ne saboda wajen ya yi amfani, zai kuma iya zama ka yi sauri da yawa ba a gane ba sai an koma. Ka kalla da idon wanda bai san wajen ba, idan allon ya wuce cikin sakan biyu to na biyun ne. Ko wanne ne dai darasin rubutu ɗaya ne a nan, abin da mutane suka fi so yana minti na bakwai inda kashi ɗaya cikin huɗu kawai suka iso, kamata ya yi ya matso gaba.

Na 9:15 kuwa kowa ya san shi, ka ce "to jama'a a taƙaice" sai kowa ya kama gabansa.

## Wanne za a fara gyarawa?

Ramuka huɗu, kuma ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Hanyar aunawa ita ce mutum nawa suka tafi, kuma minti nawa ya rage a bidiyon lokacin da suka tafi. Na ƙarshen nan a ido ya fi kowanne muni tunda fiye da rabin waɗanda suka rage ne suka fice, amma mutum 220 ne kuma sakan 45 ya rage, duka duka bai kai awa 3 ba. Na 5:20 mutum 260 ne da saura minti 4 da sakan 40, ko da ba duka zasu kai ƙarshe ba, abin da ake magana a kai zai iya kusantar awa 20. Na farkon kuma ya shafi komai, domin duk wanda ya tafi a sakan 20 babu shi a sauran layin gaba ɗaya. Idan Intro ya tashi daga 62 zuwa 70 kuma sabbin da suka tsaya suka yi irin halin sauran, duk abin da ke bayan nan zai ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari ba tare da an taɓa ko jimla ɗaya a tsakiya ba.

Saboda haka a wannan misalin jerin aikin a bayyane yake, buɗewa tukuna, sai mahaɗar 5:20, sauran su biyo baya. Sabuwar buɗewar zata iya farawa kai tsaye da abin da mai kallo yake fama da shi, "wayar da take kai maka yini a bara yanzu kafin la'asar ta mutu, kuma akwai abu ɗaya da kake yi kullum da yake jawo haka", sannan a shiga. Gaisuwa ta zama kalma uku ko ta zo bayan an fara, roƙon Subscribe ya koma bayan wajen da aka amfanar da mutum.

Kuma a canza abu ɗaya ko biyu kawai a bidiyo na gaba. Wanda ya canza buɗewa, tsawo, salon editin da hoton gaba duk a tashi ɗaya, ko layin ya gyaru bai san wanne ya yi aikin ba, kuma ba zai iya maimaitawa ba.

## Inda layin yake yaudara

Ba kowace faɗuwa ce laifin rubutu ba, nan ne masu cewa "a bi lamba kawai" suke zamewa. Faɗuwar sakan 30 na farko sau da yawa daga take da hoton gaba take, idan sun yi alkawarin abin da bidiyon bai ƙunsa ba. Alamar ita ce Impressions click-through rate, wato kason waɗanda suka ga hoton suka danna, ya yi sama sosai amma Intro ya yi ƙasa, an danna da yawa an fice da yawa. A nan ko ka sake rubuta buɗewa sau goma ba zata gyaru ba sai alkawarin da abin da ke ciki sun daidaita.

Sai kuma daga ina masu kallon suka zo. Wanda ya rubuta tambaya a wajen bincike ya samo ka, da ya samu amsa zai tafi, kuma ya tafi yana gode maka, wannan ba faɗuwa bace a ma'anar gazawa. Wanda aka turo wa mahaɗin bidiyon a wani guruf ya danna don kunya shima ba zai daɗe ba. Idan bidiyo ya fara yaɗuwa ga baƙin da basu san ka ba, kason riƙewa yakan sauka duk da cewa bidiyon nasara yake yi. Shi yasa yake da kyau a raba layin a ga na mabiya daban da na waɗanda ba mabiya ba, a kuma leƙa Traffic source kafin a yanke hukunci. Mabiyanka zasu jure doguwar gaisuwa don sun saba da kai, baƙo ba zai jure ba, kuma layin da aka haɗa su zai ɓoye maka wannan.

Ƙarancin kallo ma matsala ne. A bidiyo mai kallo 120, mutum shida kawai su tashi ka ga rami na kashi 5, kuma ƙila babu abin da ya haɗa su da rubutunka. Mai ƙaramar tasha gara ya jera layin bidiyo biyar ko shida ya nemi abin da yake maimaituwa, idan duk lokacin da ya ce "bari in ɗan yi bayani kafin mu ci gaba" layin na nutsewa, to wannan ya zama hujja. Wani lokacin kuma abin bai ma kai ga kalmomi ba, sauti ne ya ragu ko hayaniya ta shigo a daidai wajen, kunne ɗaya zaka saka ka gane.

Ɗaya ɓangaren, masu cewa su basa kallon lamba don kada ta kashe musu salo, suna da ɗan gaskiya. Wanda ya bi kowane rami yana yankewa zai ƙare da bidiyo mai gudu babu numfashi, kuma akwai abubuwan da dole a faɗa ko za a tsallake su, kamar gargaɗin cewa batirin da ya kumbura ba a ci gaba da amfani da shi. Irin wannan ba a cire shi don layi ya yi kyau, gajarta shi ake a saka shi inda aka fi yawa. Amma ƙin duba layin gaba ɗaya ma asara ce, musamman ga wanda yake fatan ya cika awa 4,000, domin a lissafin misalinmu bidiyo mai awa 123 sai an yi irinsa sama da 30 a shekara, kuma kowane minti ɗaya da aka ƙara a tsaka-tsakin kallo 2,000 awa 33 ne.

Bayan ka ɗora sabon bidiyon, ka bashi kwanakin da ka ba na baya kafin ka gwada su, kuma ka gwada shi da mai irin tsawonsa. Studio tana nuna wani yanki mai launin toka a bayan layin, shine yadda bidiyoyinka na baya-bayan nan masu kusan tsawo ɗaya suka saba yi, da shi zaka auna ba da lambar wata tasha ba. Ka duba wurare biyun da ka taɓa kawai, Intro ya haura 62? Mahaɗar da ke bayan babbar amsa ta koma gangara maimakon faɗuwa? Idan Intro ya hau amma layin ya dawo daidai inda yake a da kafin minti na biyu, to buɗewar ta riƙe mutane amma abin da ya biyo ta bai cika alkawarin ba, aikin rubutu na gaba kenan yana tsakanin sakan 30 da minti na biyu.